Kalaman Safiyar Litinin da Lissafin da Ba Su Faɗa

Tun kafin a fito daga sallar asuba ranar Litinin, saƙonnin sun riga sun sauka a waya. Hoton wani mutum ne a tsaye kan tsauni ya ɗaga hannaye, ko zaki yana hangen nesa, ko wani attajiri sanye da kwat, a ƙasa an rubuta cewa kada ka karaya, wannan makon naka ne, duk wanda ya ƙi ka yau zai neme ka gobe. A Facebook da LinkedIn da X ana liƙa musu alamar #MondayMotivation, a WhatsApp kuwa sai a ɗora su a zaurukan tsofaffin 'yan aji da na waɗanda suka yi bautar ƙasa tare. Mun saba da saƙon barka da Juma'a, wanda addu'a ce kawai, ba ya neman komai a wurinka. Na Litinin daban ne, domin umarni yake bayarwa. Kuma wanda ya fi kowa tsayawa ya karanta shi, shi ne matashin da ya cire kakin bautar ƙasa watanni kaɗan da suka wuce, alawus ɗin naira 77,000 ya daina shigowa, makwabta sun fita aiki, shi kuwa yana gida yana jin ƙarar buɗe ƙofofin shaguna.

Zaɓen ranar ba a banza aka yi ba. A shekarar 2014 wasu masu bincike uku a Amurka, Hengchen Dai da Katherine Milkman da Jason Riis, sun bi sawun lokutan da mutane ke ƙudurta gyara rayuwarsu. Sun duba yadda ake neman bayanin rage ƙiba a Google da yadda ɗalibai ke zuwa wurin motsa jiki, sai suka ga abin yana tashi a farkon mako da farkon wata da farkon shekara. Mutum yana son ya ja layi, ya ce abin da ya wuce na wancan makon ne, yau sabon lissafi zan buɗe. Saboda haka mai rubuta saƙon Litinin yana samun mai karatu a daidai lokacin da zuciyarsa ta fi karɓar magana. Wannan dama ce ta gaske. Abin tambaya shi ne me ake cusa masa a cikinta.

Yawancin saƙonnin labari ɗaya suke bayarwa da sunaye daban-daban: wani ya sha wahala, an ƙi shi sau da yawa, bai daina ba, yau ga shi. Wanda aka fi yawo da shi shi ne na Jack Ma, wanda ya kafa Alibaba a 1999. Shi da bakinsa ya faɗa a taron Davos na 2015 cewa su 24 suka nemi aiki a gidan sayar da kaji na KFC, aka ɗauki 23 aka bar shi. Saƙon yakan tsaya a nan, ya tsallake cewa mutumin ya yi digiri a fannin Turanci, ya yi shekaru yana koyarwa a wata kwaleji a birnin Hangzhou, kuma Turancin nan ne ya kai shi Amurka inda ya fara ganin intanet. A nan gida kuma Aliko Dangote ake kawowa, a ce da rance ya fara. Gaskiya ne da rance ya fara a ƙarshen shekarun 1970, amma daga gidan Dantata rancen ya fito, dangin mahaifiyarsa, zuriyar Alhassan Dantata wanda ake lissafawa a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma lokacin da ya rasu a 1955. Faɗin haka ba rage wa mutumin ƙoƙarinsa ba ne. Sai dai yaron da mahaifinsa ɗan fansho ne a Gumel, idan aka ba shi wannan labari a matsayin taswira, an ɓoye masa inda tafiyar ta fara.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa ba da labarinsu, wato dubban da su ma aka ƙi su sau ashirin, ba su daina ba, kuma har yau ba su samu ba. Babu mai ɗaukar hotonsu ya rubuta kalamai a ƙasa. A ranar 15 ga Maris 2014 Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta kira masu neman aiki zuwa filayen wasa a faɗin ƙasar. Guraben ba su kai 5,000 ba, waɗanda suka biya naira 1,000 ta cike fom kuwa sun haura rabin miliyan. Aƙalla mutum 15 suka mutu a turmutsutsu a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin. Ko da babu wanda ya mutu, lissafin yana nan: kowane gurbi ɗaya sama da mutum ɗari ke hanƙoronsa. Babu wanda zai ce waɗanda suka kwana a bakin filin wasa ƙwarin gwiwa suka rasa.

Alƙaluman hukuma ma suna iya ruɗar mai nema. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, na matasa 'yan shekara 15 zuwa 34 kuma kashi 42.5. A 2023 sai ta fitar da kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, ma'auni aka sauya. Da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba marar aiki ne. Yanzu wanda ya yi awa ɗaya a mako don neman kuɗi ya shiga sahun masu aiki. Hukumar da kanta ta nuna cewa sama da kashi 90 na masu aikin suna cikin sana'o'in da ba su da rajista. Aikin da mai digiri ke mafarki, mai takardar kama aiki da albashin ƙarshen wata da fansho, ɗan yanki ne ƙarami na kasuwar. Saƙon Litinin da ke cewa kai kaɗai ne shingen kanka yana ɗora wa mutum ɗaya laifin wannan ƙarancin gaba ɗaya. Illar ba ta bayyana ranar Litinin. Sai Alhamis, idan waya ba ta yi ƙara ba, yaro ya zauna yana tuhumar kansa cewa lallai shi ne bai yi imani da kansa yadda ya kamata ba.

Wani nau'in saƙon kuma cewa yake ka rufe ido ka hango kanka a ofis, kana zaune a kujera mai juyawa, saƙon banki yana shigowa. Wannan shi ne wanda bincike ya fi ƙaryatawa kai tsaye. Gabriele Oettingen da Doris Mayer sun wallafa wani nazari a 2002 kan ɗaliban shekarar ƙarshe a wata jami'a a Jamus. Sun raba abu biyu da mutane ke gwamutsawa. Na farko shi ne tsammani, wato mutum ya auna abin da ya iya da abin da ya taɓa cimmawa, ya ce ina ganin zan samu. Na biyu shi ne mafarkin ido biyu, wato yawan jin daɗin hoton nasarar a zuci. Bayan shekara biyu suka koma wurin ɗaliban. Masu kyakkyawan tsammani sun fi samun tayin aiki da albashi. Masu yawan mafarkin kuwa sun aika takardun neman aiki kaɗan, sun samu tayi kaɗan, albashinsu ma ya fi ƙasa. Bayanin da Oettingen ta bayar shi ne, zuciya tana ɗanɗana nasarar tun kafin a yi aikin, sai jiki ya saki. Shawarar da ta gina a kan wannan ita ce mutum ya hango abin da yake so, nan take kuma ya ambaci ainihin abin da ke tare masa hanya, sannan ya yanke abin da zai yi idan ya ci karo da shi.

Kada a ɗauka ƙarfafa gwiwa ba shi da amfani. A 2014 Songqi Liu da abokan aikinsa biyu sun tattara nazarce-nazarce 47 kan shirye-shiryen taimakon masu neman aiki. Waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye sun fi waɗanda ba su shiga ba samun aiki nesa ba kusa ba, amma da sharaɗi: sai shirin ya haɗa koyar da dabarar nema da ƙarfafa zuciya. Ɗaya ba tare da ɗaya ba bai kai ko'ina ba. Aibin saƙon Litinin ke nan, rabi yake kawowa, kuma rabin da ya fi sauƙin rubutawa.

Ɗaya rabin an gwada shi a nan Afirka. Martin Abel da Rulof Burger da Eliana Carranza da Patrizio Piraino sun yi aiki da matasa marasa aiki kimanin 1,100 a cibiyoyin ƙwadago na Afirka ta Kudu, suka wallafa sakamakon a 2019. Wasu an ba su bitar neman aiki da aka saba bayarwa. Wasu kuma, bayan bitar, an miƙa musu takarda su cike: wace rana, me za ka yi, a ina, takarda nawa za ka aika a mako. Iyakar bambancin ke nan. Masu takardar ba su ƙara yawan awannin nema ba, amma takardun da suka aika sun ƙaru da kashi 15, tayin aiki da kashi 30, samun aikin kuma da kashi 26. Dalili shi ne sun daina dogaro da hanya ɗaya, suka riƙa amsa tallan gurabe da kai takarda da kansu maimakon jiran wani ɗan'uwa ya kira. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, an gwada tura wa wasu saƙon tuni ta waya kowane mako, kuma bai ƙara komai a kan takardar ba. Wato abin da ya fi kama da saƙon Litinin a cikin gwajin shi ne wanda bai motsa lissafi ba.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce saurayi ne ɗan shekara 27 a Kano, ya karanta aikin akanta, ya fita da digiri mai daraja ta biyu ƙarama, ya yi bautar ƙasa yana koyar da lissafi a wata sakandare, a gefe kuma yana taya ma'ajin makarantar rubuta kuɗin makaranta. Saƙon wannan Litinin ya ce masa ya aika takardu hamsin kafin Juma'a. Idan ya bi, zai tura takardar bayanin kansa, wadda kowa ke kira si-bi, iri ɗaya ga kowa, ya ƙone data, ya zauna jira.

A maimakon haka, a ce ya tara talla goma ya karanta sharuɗɗansu da biro a hannu. Huɗu na manyan bankuna ne da kamfanonin binciken kuɗi masu ɗaukar sababbin masu digiri. Irin waɗannan sukan sa iyakar shekaru, sau da yawa 26 ko 27, sukan kuma nemi daraja ta biyu babba. Shafin cike fom ɗin ma yakan tace mutum kafin idon ɗan'adam ya ga sunansa, don haka babu adadin dagewar da zai buɗe wannan ƙofa. Biyu suna neman gogewar shekara uku. Ɗaya ba shi da sunan kamfani ko adireshi, lambar waya kawai. Saura uku: mataimakin akanta a wata makaranta mai zaman kanta, mai kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya a Sharaɗa, da mataimakin jami'in kuɗi a wata ƙungiyar agaji. Makonsa na waɗannan ukun ne.

Sai ya rubuta a takarda, ba a zuci ba. Litinin daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya zai gyara si-bi ɗin, ya mai da shi shafi ɗaya. Zai goge layin nan da kowa ke kwafa, cewa shi mai ƙwazo ne mai son aiki da jama'a, ya sa abin da hannunsa ya taɓa: ya shigar da kuɗin makarantar ɗalibai kaza a Excel, ya daidaita rasit da takardar banki kowane ƙarshen wata, ya koyar da aji kaza. Matasa da yawa suna rubuta cewa ba su da gogewa alhali shekarar bautar ƙasa da watannin sanin makamar aiki da taya mahaifi tsaron shago a Kantin Kwari duk gogewa ce idan an faɗi aikin da aka yi da adadinsa. Zai ajiye takardar a PDF da cikakken sunansa, ya kuma buɗe adireshin imel mai sunansa idan wanda yake da shi laƙabin samartaka ne. Talata zai rubuta wasiƙa uku, kowace ta amsa abin da tallanta ya nema. Ta sito za ta yi maganar ƙirga kaya da shigar da su littafi, ta ƙungiyar agaji za ta yi maganar rasit da rahoton kashe kuɗi. Laraba zai kira shugaban makarantar da ya yi wa hidima ya roƙi takardar shaida.

Wannan kiran na Laraba ya cancanci a tsaya a kansa. Abel da Burger da Piraino sun sake wani gwaji a Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2020, inda suka aika takardun neman aiki, wasu da wasiƙar shaida daga tsohon ubangida, wasu babu. Wasiƙar ta ƙara yawan kiran da ake yi wa mai nema da kusan kashi 60, kuma mata suka fi amfana. Amma wasiƙun da suka ba mutum maki mafi girma a kowane fanni ba su yi tasiri ba, masu ɗaukar aiki ba su yarda da su ba. Mai ɗaukar sabon ma'aikaci tsoro yake ji, domin bai san ko yaron nan zai zo a kan lokaci ba, ko ana iya barin sa da kuɗi. Kwalin digiri ba ya amsa wannan. Saboda haka abin da saurayinmu zai roƙa shi ne shugaban ya rubuta aikin da ya yi da halin da aka gani, ya sa lambar wayar da za a kira, ba ya jera masa kirari ba.

Alhamis zai kai ta makarantar da ta kamfanin da ƙafarsa, domin ƙananan wurare ba kullum suke buɗe imel ba. Juma'a bayan masallaci zai nemi mutum biyu da suka girme shi a sashensu na jami'a, ba don su ba shi aiki ba, don su gaya masa inda ake shirin ɗauka. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta bakin wanda aka sani sama-sama, domin abokan majalisarka abin da ka sani shi suka sani.

Amfanin rubutawa yana fitowa bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da littafin ya fara nuna inda ciwon yake. Idan ya aika goma sha biyar da suka dace da shi babu ko kira ɗaya, matsalar tana takarda ko wuraren da yake zaɓa, sai ya kai si-bi ɗin wurin wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata. Idan ana kiransa jarrabawar gwaji yana faɗuwa, to atisayen lissafi da Turanci da agogo a gabansa yake buƙata, domin lokaci ne ke kayar da yawancin mutane a waɗannan jarrabawa. Idan yana kaiwa intabiyu ana sallamarsa, sai ya zaunar da wani ya yi masa tambayoyin da baki. Ciwo uku ne da magani uku, saƙon Litinin kuwa duka ukun amsa ɗaya yake ba su, wai a ƙara dagewa.

Ba na so in mai da takardar shiri wani sabon romon baka. Ƙarin kashi 26 yana da daɗin ji, amma idan mutum 10 cikin 100 ne ke samun aiki, zai mai da su kusan 13 ne, sauran suna nan. Shiri ba ya haifar da gurbi, ba ya biyan kuɗin motar zuwa intabiyu a Abuja, ba ya kuma hana a sayar da aiki. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya saurari shaidu a bainar jama'a kan cinikin guraben aikin gwamnatin tarayya, mutane suna faɗin yadda suka biya sama da naira miliyan ɗaya. Matashin da ke cewa sai mai uwa a gindin murhu ba raggo ba ne, abin da ya gani yake faɗa. Abin da shiri ke yi shi ne ya hana shi ɓarnatar da ɗan kuɗin da ƙarfin da ya rage masa a ƙofofin da tun farko a kulle suke.

Yana da kyau kuma a riƙa karanta saƙon har ƙarshe, domin a wutsiyarsa ake gane mai shi. Wasu da zuciya ɗaya suke yi, malami ne ko yaya da ke tausayin ƙannensa. Wasu mabiya suke tarawa. Da yawa kuma kalaman shimfiɗa ce, ciniki yana ƙasa: ka shiga ajinmu, ka sayi littafinmu, ka turo a gyara maka si-bi. Sayar da ilimi ba laifi ba ne, amma mai saye ya tambayi abin da zai fita da shi a hannu. Daga nan ne ake gangarawa zuwa masu haɗari, waɗanda suka san cewa wanda aka zuga da safe yana da saurin amincewa. Alamominsu ba su cika sauyawa ba. Ana gayyatarka intabiyun aikin da ba ka nema ba. Ba a faɗi sunan kamfani ko muƙamin ba, sai dai a ce ka zo da biro da hoto. Albashin ya fi ƙarfin aikin. Ana neman kuɗin fom ko na horo ko na gwajin lafiya a asusun wani mutum, ko kuma lambar BVN da lambar sirrin da banki ya turo. Wasu idan ka je sai ka tarar taron tallan magani ne, inda za a ce ka sayi kaya ka kawo mutum biyu. Hukumomin gwamnati masu ɗaukar aiki sukan sanar da kansu cewa cike fom kyauta ne, kuma adireshin shafinsu yakan ƙare da .gov.ng.

Wani lokaci asarar ta wuce kuɗi. A Afrilun 2021 wata budurwa da ta gama Jami'ar Uyo tana jiran tafiya bautar ƙasa ta rubuta a Twitter cewa tana neman aiki. Wani ya kira ta intabiyu a wajen gari, ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. An kai ga kama shi ne saboda ta sanar da ƙawarta inda za ta, ƙawar kuma ta ɗaga murya tun a ranar. Don haka a takardar saurayinmu, da ta ƙanwarsa idan lokacinta ya zo, gefen kowace intabiyu akwai gurbin rubuta adireshin wurin, da sunan wanda ya kira, da mutumin gida da aka bar wa waɗannan bayanai kafin a fita.